Yadda ake gina hoton yanka ɗaya na cikin jiki daga inuwoyinsa: lissafin Radon da tacewa kafin mayarwa

Na'urar siti sikan ba ta taɓa ganin cikin jiki ba. Abin da take samu kawai shi ne yawan hasken eksire da ya tsira bayan ya ratsa jiki ta layi miƙaƙƙe, daga kusurwoyi masu yawa. Hoton da likita ke dubawa lissafi ne ya gina shi. Johann Radon, masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, ya nuna a 1917 cewa idan ka san jimillar abin da ke kan kowane layi da ya ratsa wani fili, za ka iya gano abin da ke kowane gurbi na filin. Sai a 1971 Godfrey Hounsfield ya ɗauki hoton majiyyaci na farko da irin wannan na'ura a Landan, kuma shi da Allan Cormack suka raba kyautar Nobel a 1979. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko shi ne mayar da awon haske ya zama jimilla. Haske ba raguwar ɗebewa yake yi ba, kowane santimita kaso yake cinyewa daga abin da ya iso gare shi. Don haka ake ɗaukar logaridim:

```
p = ln(I0 / I)
```

I0 shi ne hasken da ya shiga, I kuma wanda ya fito. A ƙarfin hasken da aka saba amfani da shi, ruwa na shan kusan 0.2 a kowane santimita. Santimita 20 na ruwa ke nan zai ba da p = 4, wato wajen kashi 2 cikin ɗari ne kacal na hasken zai fito. Wannan p ɗin jimillar shan haske ce a kan layin, ita ce lambar da sauran aikin ya dogara a kai.

Na biyu, a tattara inuwoyin. Layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa daga kusurwa ɗaya suna ba da jerin lambobi, wato inuwa guda. A juya kaɗan a sake, har a cika digiri 180. Wucewa nan maimaici ne, domin layi daga hagu zuwa dama da daga dama zuwa hagu jimillarsu ɗaya. Idan aka jera inuwoyin nan kusurwa bayan kusurwa, an sami juyin Radon na yankan, hoton da ake kira sinogiram. Ɗigo ɗaya a cikin jiki yana zana lanƙwasasshen layi a cikinsa:

```
s = x·cos(θ) + y·sin(θ)
```

A nan x da y su ne gurbin ɗigon, θ kusurwa, s kuma inda ya faɗo a kan inuwar. Ɗigon da ke tsakiyar juyawa layinsa a miƙe yake, wanda ya yi nisa da tsakiya kuwa lanƙwasarsa ta fi faɗi.

Na uku, a mayar da kowace inuwa ta hanyar da ta fito. Tunda ba mu san inda abin yake a kan layin ba, sai mu shafa lambar a kan layin gaba ɗaya, mu tara na dukkan kusurwoyi. Mu gwada da fili mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Gidan tsakiya na da 10, sauran sifili. Daga gefe inuwar za ta zama 0, 10, 0, daga sama ma haka, sannan a ƙara kusurwoyi biyu na karkace. Da an shafa duka huɗun, tsakiya zai tara 40, domin layuka huɗu ne suka bi ta kansa. Amma kowane gida cikin takwas ɗin da ke kewaye da shi ya sami 10, alhali babu komai a cikinsa. An gano inda abin yake, sai dai ya fito da hazo. Ƙara kusurwoyi ba ya kawar da hazon nan, daidaita shi kawai yake yi ya zama dishi-dishi mai raguwa gwargwadon nisa, 1/r.

Nan ne tacewa ke shigowa, kuma ita ce zuciyar aikin. Kafin a shafa inuwa, ana sa wa kowace lamba ramuka a gefenta biyu, wato lambobi ƙasa da sifili. A matatar da Ramachandran da Lakshminarayanan suka fitar a 1971, maƙwabci na kusa yana karɓar kusan kashi 40 cikin ɗari na lambar da alamar ragi, na biyu kuma sifili. Inuwarmu ta 0, 10, 0 sai ta koma −4, 10, −4.

A sake shafawa. Tsakiya yana nan da 40 ɗinsa. Gidan da ke sama da shi ya sami 10 daga layin tsaye, amma sauran kusurwoyi ukun kowanne ya zuba masa −4, saura −2. Gidan lungu ya sami 10 daga karkace ɗaya, −4 sau biyu daga tsaye da kwance, sifili daga ɗaya karkacen, saura 2. Hazon da yake 10 ya dawo kusa da sifili. Ramukan wata kusurwa ne ke cinye shafar wata kusurwar. Ɗan ragowar nan na 2 saboda kusurwoyi huɗu kawai muka yi aiki da su, kuma mun yi kamar tazarar layukan karkace daidai take da ta sauran. A ƙarshe sai a raba da adadin da ya dace don tsakiya ya koma 10.

Me ya sa wannan matata, ba wata ba? Lissafin Fourier, wanda ke warware hoto zuwa mitoci, wato igiyoyi masu saurin hawa da sauka daban-daban, ya nuna cewa kowace inuwa, in an warware ta haka, layi ɗaya ce da ta ratsa tsakiyar taswirar mitocin hoton. Layukan sun cunkushe a tsakiya, inda mitoci ƙanana suke, wato manyan siffofi, sun kuma yi tazara a baki, inda ƙananan bayanai da kaifin gefe suke. Shafawa zalla tana ƙirga manyan siffofi fiye da kima. Maganin shi ne a ninka kason kowane mita ω da nisansa daga tsakiyar taswirar, |ω|. Illar ita ce hayaniyar awo ma a manyan mitoci take zaune, don haka matatar na ɗaga ta. Shi ya sa ake da masu sassauci irin ta Shepp da Logan ta 1974: hoto ya yi laushi, kaifi ya ɗan ragu. Mai duban ƙashi kaifi yake so, mai duban hanta laushi.

Wanda ke son gani da idonsa zai iya gwadawa da scikit-image:

```python
import numpy as np
from skimage.data import shepp_logan_phantom
from skimage.transform import radon, iradon

img = shepp_logan_phantom()
theta = np.linspace(0, 180, 400, endpoint=False)
sino = radon(img, theta=theta)
hazo = iradon(sino, theta=theta, filter_name=None)
tas = iradon(sino, theta=theta, filter_name="ramp")
```

Idan hoto ya fito da matsala, siffarta kan tona asirin sanadinta. Zane-zane masu fita kamar tsirkiya daga abu mai kauri alama ce ta ƙarancin kusurwoyi. Ƙa'idar da ake bi ita ce adadin ma'aunai, wato ƙananan idanun na'urar da ke awon hasken da ya fito, a ninka da π/2, don haka mai ma'aunai 512 na buƙatar kusurwoyi wajen 800. Zobe mai zagaye tsakiyar hoto kuwa ma'auni ɗaya ne ke ba da awon ƙarya a kowace kusurwa, kuma a sinogiram za ka gan shi miƙaƙƙen layi da bai lanƙwasa ba. Idan ƙananan ɗigo suka koma kamar jinjirin wata, an kuskure tsakiyar juyawa. A gwada matsar da sinogiram rabin ma'auni rabin ma'auni, a sake ginawa, har ɗigon ya dunƙule.