Babi na Bakwai: Jadawalin Gant na Ginin Makaranta

Kayan da za ku tanada: farar takarda babba ko kwali, rula, fensir, magogi, da jan biro. Kada ku fara da biro. Za ku yi ta gogewa, kuma gogewa ba abin kunya ba ce.

Jadawalin Gant zane ne da ke nuna ranar da kowane aiki zai fara da ranar da zai ƙare. Sunan wani injiniya ne Ba'amurke, Henry Gantt, wanda ya yaɗa shi wajen shekarun 1910. Iyakar tarihin da kuke bukata ke nan. Mu tafi ga aiki.

Darasi na 1: Rubuta ayyuka

A ce kwamitin iyayen yara na garinku zai gina azuzuwa biyu. Kafin ku ja layi ko ɗaya, ku zauna da magini, kafinta da mai walda. Kowane aiki tambaya biyu za ku yi a kansa: kwana nawa zai ci, kuma sai an gama wane aiki kafin a fara shi? Ga abin da a ce sun faɗa. Kwanakin nan na misali ne, naku daga bakin magininku za su fito.

1. Share fili da awo: kwana 2. Ba ya jiran komai.
2. Haƙa tushe: kwana 3. Bayan 1.
3. Zuba kankaren tushe da jira ya kama: kwana 4. Bayan 2.
4. Buga bulo da ba shi ruwa har ya yi ƙwari: kwana 12. Ba ya jiran komai.
5. Ɗaura bulo har wurin linta: kwana 8. Bayan 3 da 4.
6. Linta da ƙarashen bango: kwana 7. Bayan 5.
7. Rufi, wato kafa katako da kwano: kwana 5. Bayan 6.
8. Ƙera ƙofofi da tagogi: kwana 6. Bayan 5.
9. Sa ƙofofi, filasta, daɓe da jiran bushewa: kwana 10. Bayan 7 da 8.
10. Fenti: kwana 3. Bayan 9.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, jira ma aiki ne. Ranar da ake yayyafa wa bulo ruwa babu mai riƙe da cebur, amma ranar ta tafi. Siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, laima ce. Bulon da aka ɗaura ɗanye zai riƙa marmashewa a hannu, balle lokacin hunturu da iska ke tsotse ruwan da wuri. Saboda haka kwanakin jira dole su shiga lissafi. Na biyu, mun sa mai walda bayan aiki na 5 ne domin ya auna ainihin ƙofar da magini ya bari a bango, ba wadda aka faɗa masa da baki ba.

Darasi na 2: Ja gidaje

Ku kwantar da takardar. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, ku rubuta ayyukan nan goma, kowanne a layinsa. A saman takardar, daga hagu zuwa dama, ku ja ƙananan gidaje 50, ku rubuta 1, 2, 3 har 50. Gida ɗaya rana ɗaya ce ta aiki. Gidajen su zama girmansu ɗaya, shi ya sa aka ce ku zo da rula. Wanda yake da littafin lissafi mai gidaje ya haɗa shafi biyu da gam, ya huta.

Darasi na 3: Cike gidaje

A nan ne mafi yawa suke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Ku yi haƙuri da ni.

Aiki na 1 kwana 2 ne. Ku ɗora yatsa a layinsa, ku cike gida na 1 da na 2 da fensir. Shi ke nan.

Aiki na 2 yana jiran na 1. Na 1 ya ƙare a gida na 2. To a ina na 2 zai fara? A gida na 3. Ba a gida na 2 ba, domin ranar nan ana kan awo. Ga ƙa'idar, ku faɗe ta da ƙarfi: aiki yana farawa ne a gidan da ke gaban inda wanda yake jira ya ƙare.

Yanzu ku ƙirga kwana 3 da yatsa: uku, huɗu, biyar. Ya ƙare a gida na 5. Na san wani ya riga ya ce uku da uku shida ya cike har gida na 6. Ƙirga gidajen da ka cike, malam: 3, 4, 5, 6, huɗu ne. Ka ba masu haƙa kwana ɗaya kyauta. Goge. Gidan da aka fara a cikinsa yana cikin ƙirga. Kada ku tara a ka, ku ƙirga da yatsa.

Aiki na 3 yana jiran na 2. Na 2 ya ƙare a 5, to a fara a 6. Kwana 4: shida, bakwai, takwas, tara. Madalla.

Aiki na 4, bulo, ba ya jiran kowa. Ku koma can farko, ku cike daga gida na 1 har na 12. Kada ku kai shi gida na 10 don kawai shi ne na huɗu a jeri. Lambar aiki suna ce kawai, ba ita ke faɗin ranar farawa ba. Masu bulo suna gefe suna nasu, masu haƙa suna nasu.

To ga babban wurin. Aiki na 5 yana jiran biyu: na 3 da na 4. Na 3 ya ƙare a 9. Na 4 ya ƙare a 12. Wanne za a bi? Wanda ya fi daɗewa. Tushe ya shirya tun ranar 9, amma magini zai ɗaura iska ne? Sai bulo ya nuna. Saboda haka a fara a gida na 13, kwana 8, a ƙare a 20.

Mu sake. Idan aiki yana jiran biyu, ku nemo inda kowanne ya ƙare, ku ɗauki babbar lamba, ku matsa gida ɗaya gaba. Babbar lamba, ba ƙarama ba. Tuwo da miya: ko tuwo ya riga sauka, ba a ci sai miya ta nuna.

Aiki na 6 ya fara a 21, kwana 7, ya ƙare a 27. Aiki na 7 ya fara a 28, kwana 5, ya ƙare a 32. Aiki na 8 yana jiran na 5 ne, ba na 7 ba. Ku duba jerinku, kada ku duba layin da ke samansa. Na 5 ya ƙare a 20, to mai walda daga 21 zuwa 26.

Aiki na 9 yana jiran biyu. Ku tsaya, ku ajiye fensir. Me muka ce? Na 7 ya ƙare a 32, na 8 ya ƙare a 26. Babbar lamba 32. Gida ɗaya gaba, 33. Kwana 10, a ƙare a 42. Duk wanda ya fara a 27 ya sa an yi filasta da daɓe a ɗakin da ba shi da rufi. Sau uku ke nan ina faɗa. Wanda har yanzu yake ɗaukar ƙaramar lamba ba wuyar darasi ke damunsa ba, gaggawa ce da kallon takardar maƙwabci. Ya goge, ya koma aiki na 5 ya biyo a hankali.

Fenti daga 43 zuwa 45. Ginin zai ci kwana 45 na aiki.

A ƙarshe ku ja ƙaramar kibiya daga wutsiyar kowane aiki zuwa kan wanda ke jiransa. Aiki na 5 kibiya biyu za su shigo masa, na 9 ma biyu.

Darasi na 4: Jar hanya

Ku ɗauko jan biro. Za mu fara daga ƙarshe mu yi baya. Ku bi kan fenti da ja. Sai ku tambaya: wane aiki ne ya ƙare daidai a gidan da ke bayansa? Na 9, a 42. Ja. Wa ya ƙare a 32? Rufi. Ja. Mai walda ya gama tun 26, ba shi ya tsare filasta ba, ku bar shi da fensir. Ku ci gaba: na 6, na 5. Wa ya ƙare a 12? Bulo. Ja.

Jar hanyar ita ce 4, 5, 6, 7, 9, 10. Injiniyoyi suna ce mata kiritikal fat. Ku gwada ta: 12, 8, 7, 5, 10 da 3 sun tashi 45. Idan jimlarku ba ta zo daidai da ranar ƙarshe ba, akwai kuskure a wani gida.

Amfaninta ke nan: duk aikin da ke kanta, in ya makara kwana ɗaya, ginin duka ya makara kwana ɗaya. Na fensir kuwa suna da sarari. Tsakanin 9 da 13 akwai gidaje uku babu komai, wato ayyuka 1, 2 da 3 suna da sararin kwana 3, amma na tarayya ne, in ɗaya ya cinye sauran ba su da shi. Mai walda yana da kwana 6.

A ce masu haƙa sun ci karo da marmara, suka ƙara kwana 2. Haƙa ta ƙare a 7, kankare 8 zuwa 11. Magini yana nan a 13, babu asara. Amma a ce kwana 5 suka ƙara: kankare ya ƙare a 14, gini ya koma 15, fenti ya ƙare a 47. Yanzu jar hanya ta tashi daga bulo ta koma kan tushe. Ba ta zama wuri ɗaya.

Kwamitoci da yawa suna tara samari ranar haƙa don kowa ya ga ana aiki, su bar mai bulo babu yashi. A jadawalin nan ko an gama haƙa a rana ɗaya ba a rage komai ba. Yashi, siminti da ruwan masu bulo su ne abin nema tun ranar farko.

Darasi na 5: Rage kwanaki

A kan jar hanya kawai ake ragewa. In kun sayi busasshen bulo maimakon bugawa, kada ku ce kun ci ribar kwana 12. Tushe sai ranar 9, gini ya fara a 10, a gama a 42. Ribar kwana 3 ce. Ku auna ta da kuɗin bulon. Kwanakin jiran linta kuwa kada a taɓa su, yara ne za su zauna a ƙarƙashinta.

Darasi na 6: Kalanda

A ƙarƙashin kowane gida ku rubuta kwanan wata. Ku tsallake ranakun da ba a aiki, kamar ranar kasuwa da Sallah. In damina ta matso, ku duba ko gida na 32 zai riga ruwa.

Darasi na 7: Bibiya

Ku liƙa jadawalin a ofishin hedimasta. Duk ƙarshen mako ku ja layi a ranar da ake ciki, ku duba wanda ya makara.

Aikin gida: kafinta ya ce rufi kwana 8 zai ci, ba 5 ba. Sake zana jadawalin. Wace rana za a gama fenti? Sararin mai walda ya koma kwana nawa?