Darasi na Tara: Jaman Shefad ne ko Malinuwa?

Wani dattijo a ajinmu na yamma, mai gadi ne a wani gida, ya zo ran nan da hoton kare a wayarsa. Ya ce, "Malam, maigidana ya sayo wannan a kan Jaman Shefad ne, amma wani baƙo ya zo ya ce ba shi ba ne. Har sun yi musu. Kai me ka gani?"

Na karɓi wayar na duba. Kare ne mai launin jan ƙasa, baƙin baki, kunnuwa a tsaye. Na ce, "Baba, wannan hoton fuska kawai ya nuna. Gobe ka ɗauko mini shi daga gefe yana tsaye, kuma ka ari tef ɗin awo wurin tela."

Karnuka biyun da aka fi rikitawa su ne Jaman Shefad, wanda wasu ke kira Alsashan, da Malinuwa. Dukansu asalinsu karnukan kiwon tumaki ne a Turai. Jaman Shefad daga Jamus yake, kuma wani hafsan soja, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899. Malinuwa daga Beljiyam yake, sunansa ma daga garin Malin aka samo shi. Yau duka biyun suna aikin gadi da aikin 'yan sanda da na soja, shi ya sa mutane ke haɗa su su ce "karen 'yan sanda". Mai saye ya kamata ya san wanda ya ɗauko, don Malinuwa ba ya jure zaman banza. In aka kulle shi ba gudu ba aiki, sai ya koma tauna kaya da haƙa rami.

Awon jiki

Yawancin mutane da launi suke farawa, kuma launi ne ya fi yaudara. Mu da awo za mu fara.

Awo biyu ake yi. Na farko tsayi: daga ƙasa zuwa kan kafaɗa, wurin da wuya ya haɗu da baya, daidai inda tozo yake a jikin bijimi. Ba a haɗa kai a tsayi, tunda kare yana ɗaga shi yana sauke shi. Na biyu tsawon jiki: daga ƙashin da ya turo a gaban ƙirji zuwa ƙashin ɗuwawu da ke gefen gindin wutsiya. Ba a haɗa wuya, ba a haɗa wutsiya.

Mai karen ne zai riƙe shi. Kada ka kai hannu jikin karen da bai san ka ba. A tsayar da shi a kan siminti lebur, ƙafafu huɗu duk a ƙasa, na gaba a miƙe. Ka danna tef ya taɓa jiki, don gashi mai kauri yana ƙara santimita biyu ko uku na ƙarya.

Malinuwa an gina shi kamar akwati mai kusurwa huɗu daidai: tsayinsa da tsawonsa kusan ɗaya ne. Jaman Shefad kuwa kamar bulo yake a kwance, tsawonsa ya fi tsayinsa da kashi 10 zuwa 17 cikin ɗari. A tsayi ba su da wani bambanci na a zo a gani. Namijin Jaman Shefad yana tsakanin santimita 60 da 65, namijin Malinuwa kuwa wajen 62 ake so. Saboda haka tsayi shi kaɗai ba zai gaya maka komai ba, sai ka gwada shi da tsawo.

Ga hanya mai sauƙi. Raba tsayi gida goma, ka riƙe kashi ɗaya. Sannan ka cire tsayi daga tsawo. In abin da ya rage ya kai wannan kashi ɗayan ko ya wuce shi, jikin Jaman Shefad ne. In abin da ya rage sifiri ne, ko ɗaya, ko biyu, jikin Malinuwa ne.

Washegari Baba ya dawo da lambobi a bayan kwalin ashana: tsayi 61, tsawo 62. Muka yi lissafin a allo. 61 a raba gida goma, an sami 6 da ɗan ɗoriya. 62 a cire 61, saura 1. Ina 1 ina 6? Da Jaman Shefad ne mai tsayi 61, da tsawonsa ya kama daga 67 zuwa 71. Na ce, "Baba, baƙon nan ya san abin da yake faɗa. Amma bari mu duba sauran shaidu."

A hoton gefe, bayan karen a miƙe yake tun daga kafaɗa har ƙugu, ƙafafun baya suna tsaye a ƙarƙashinsa, ciki a ɗame. Bayan Jaman Shefad yana gangarowa a hankali zuwa wutsiya, ƙafafunsa na baya sun fi lanƙwasa, ƙirjinsa ya fi zurfi, ƙashinsa ya fi kauri. Nauyi ma ya bambanta: namijin Jaman Shefad kilo 30 zuwa 40, namijin Malinuwa 25 zuwa 30. Sai dai a kula, gangaren baya ya fi fitowa a zuriyar da ake kiwo don gasar nuni. Zuriyar da ake kiwo don aiki bayansu ya fi miƙewa, amma ko su jikinsu ya fi tsayinsu tsawo. Shi ya sa na fi yarda da tef a kan ido.

Kunnuwa

Duka biyun kunnuwansu a tsaye suke, don haka "kunne a tsaye" ba shaida ba ce. Karen gida na unguwa ma sau da yawa haka nasa suke. Abin dubawa girman kunnen ne idan aka gwada shi da kai, da kuma inda ya zauna.

Kunnen Malinuwa ƙarami ne, mai kusurwa uku kamar bakin mashi, ya zauna can saman kai, a ƙage. Kansa siriri ne, ba tsoka da yawa a kumatu. Kunnen Jaman Shefad ya fi girma, gindinsa ya fi faɗi, bakinsa yana fuskantar gaba, kuma biyun suna tafiya sama a jere ba su karkata gefe ba. Kan da yake ɗauke da su ma ya fi faɗi da nauyi.

Ka duba kunne lokacin da kare ya natsu yana sauraro. Ka ɗan yi fito ko ka karkaɗa makulli daga nesa, za ka ga sun miƙe. Karen da ke gudu, ko ya tsorata, ko yana murnar ganin maigidansa, yakan kwantar da su baya, a lokacin ba abin da za ka karanta.

A kwikwiyo kuwa kunne ba ya hukunci sam. Dukansu da kunnuwa a kwance ake haihuwarsu. Na Jaman Shefad sukan tashi, su sake faɗuwa lokacin da yake canja haƙora wajen wata huɗu zuwa biyar, wani lokaci ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sannan su daidaita daga baya. Awon jiki ma haka, kwikwiyo yana girma ne gaɓa-gaɓa, yau ƙafa ta yi tsawo gobe jiki ya biyo. Wanda zai sayi kwikwiyo, uwar da uban zai nemi gani, su zai auna.

Gashi da launi

In mai karen ya sa hannu a wuyan Jaman Shefad, yatsunsa za su nutse. Gashinsa hawa biyu ne, na sama mai kaushi, na ƙasa mai laushi kamar auduga, kuma ya fi yawa a wuya da bayan cinyoyi. Wutsiyarsa buzu-buzu take, tana saukowa har gwiwar ƙafar baya ko ta ɗan wuce. Akwai ma masu dogon gashi, da ke da tuntu a bayan kunne. Malinuwa shi ma yana da gashin ƙasa, amma na sama gajere ne a kwance a jiki, har kana ganin tsokar kafaɗa tana motsi. A fuska da ƙasan ƙafafu gajere ne ƙwarai.

Jaman Shefad da kowa ya sani yana da baƙin shimfiɗa a baya kamar an ɗaura masa sirdi, ƙafafu da ƙirji ruwan ƙasa. Malinuwa ba shi da sirdi. Jikinsa launi ɗaya ne, daga ruwan ƙasa mai haske zuwa ja mai duhu, bakin kowane gashi da ɗan baƙi kamar an shafa gawayi. Fuskarsa kuma dole baƙi ya rufe leɓɓa na sama da na ƙasa, da fatar ido, da kunnuwa biyu.

To ina rikicin? Akwai Jaman Shefad na gaske da ba su da sirdi, gashinsu gauraye ne, kowane sili da launi biyu ko uku. Irin wannan daga nesa sai ka rantse Malinuwa ne. Akwai kuma baƙi ƙirin. Ga zafi: a ƙasa mai zafi kamar tamu, ko lokacin da kare yake zubar da gashi, na ƙasan yakan ragu sosai har Jaman Shefad ya yi kamar an yi masa aski. Ciwon fata da rashin abinci ma suna yin haka. Launi da gashi suna canjawa, ƙashi ba ya canjawa.

In ka ga mai ƙirar Malinuwa amma jikinsa ratsi-ratsi, baƙi a kan ruwan zinariya ko ruwan azurfa, wataƙila karen kiwon Holan ne. Ratsin ne alamarsa, kuma jikinsa ya ɗan fi tsayinsa tsawo, goma bisa tara.

Karen gidan su Baba dai shaidu uku sun haɗu a kansa: tsawo da tsayi kusan ɗaya, ƙananan kunnuwa a saman kai, gajeren gashi ba sirdi. Ƙirar Malinuwa ce. Ya tambaye ni, "To Malam, tsantsa ne?" Na ce wannan tef ba ya faɗa. Ruwa-biyu na iya ɗauko jikin uwa da kunnen uba, wani kuma ya fito sak ɗaya daga cikinsu. In shaidun suka saɓa, misali dogon jiki da ƙananan kunnuwa, ka yi zargin gauraye. In suka haɗu, iyakar abin da za ka ce shi ne "ƙirar kaza ce". Tabbacin zuriya sai da takardar rajistar iyaye ko gwajin jini. Baba ya yi dariya ya ce shi dai ba zai kai wa maigida labarin da bakinsa ba, kwalin ashanar zai ajiye masa a kan tebur.

Aikin gida

1. Wani kare tsayinsa santimita 60, tsawonsa 68. Raba tsayin gida goma, ka cire tsayi daga tsawo. Jikin wanne ne?
2. Wata karya tsayinta 58, tsawonta 59, gashinta gajere, fuskarta baƙa. Rubuta sunan ƙirarta.
3. An kawo maka kwikwiyo ɗan wata huɗu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Rubuta jimla biyu a kan abin da za ka nemi gani kafin ka biya kuɗi.