Takardar shaida ga tsohon ɗan kwangila: kurakuran da ke rage mata daraja

Idan ɗan kwangilar da ya taɓa yi mana aiki ya zo neman takardar shaida don ya haɗa da takardunsa na neman sabon aiki, yawancinmu yabo muke zubawa: mutumin kirki ne, mai gaskiya da riƙon amana, mun san shi mun san iyayensa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi cutar da wanda ake son taimaka wa. Kwamitin tantancewa ba 'ya zai ba shi aure ba. Abin da yake son sani shi ne: ya taɓa yin aiki irin wannan, mai girman wannan, ya kuma gama?

A Najeriya, tallan kwangilar gwamnati kan nemi shaidar ayyuka makamanta, sau da yawa guda uku cikin shekaru biyar da suka wuce, tare da takardar ba da aiki da ta kammalawa da hotuna. Takardarka tana ƙarfafa waɗannan ne, don haka dole bakinta ya zo ɗaya da nasu. Mu ɗauka shugaban wata makaranta ne zai rubuta. Maimakon "ya yi mana aiki mai kyau ƙwarai", ga abin da ya kamata a gani, ko da wane harshe aka rubuta:

"Kamfanin ya gina mana azuzuwa uku da ofishi a kan naira miliyan 38. An ba shi aikin a Maris 2022 bisa wa'adin wata shida, ya miƙa a Nuwamba 2022. Ginin ya ga damina biyu, rufin bai yi yoyo ba, bangon bai tsage ba."

Kada ka rubuta waɗannan alƙaluma da ka. Buɗe fayil ka kwafo su. Idan takardarka ta ce miliyan 45 alhali takardar ba da aiki ta ce 38, ko da ƙarin aiki ne ya jawo bambancin, mai dubawa zai zargi duka biyun. In an yi ƙarin, faɗi nawa ne da dalilinsa.

Wanda ya lura zai ga aikin nan ya wuce wa'adi da wata biyu. Nan ne kuskure na biyu yake, wato ɓoye jinkiri saboda kara. Ranakun suna cikin sauran takardu, ba su ɓoyuwa. Gara ka ƙara jimla ɗaya ta gaskiya: jinkirin daga wajenmu ne, domin ba mu biya kashi na biyu a kan lokaci ba. In kuwa laifinsa ne, faɗi yadda ya gyara. Ni a ganina, layin da ya fi kowane nauyi shi ne wanda ke bayyana halinsa bayan ya karɓi kuɗinsa. An saba riƙe wa ɗan kwangila kashi 5 cikin 100 har a ga ko aibi zai fito. Da ƙofa ta ƙi rufuwa ko daɓe ya fashe, ya dawo ya gyara ba tare da an yi ta bin sa ba? An sakar masa kuɗin da aka riƙe? Rubuta wannan, domin shi ne abin da hoto ba ya nunawa.

Sai batun suna. Kamfani ne ke neman aikin, ba Alhaji ba. Rubuta sunan kamfanin daidai da yadda yake a rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, har da lambarsa. In kuma da wani tsohon kamfaninsa ya yi maka aikin, sunan wancan za ka sa. Haka idan rufi da fenti kawai ya yi a ƙarƙashin wani babban ɗan kwangila, kada ka ce shi ya gina.

Mafi haɗari shi ne a kawo maka takarda a rubuce, a ce "Ranka ya daɗe, hannu kawai za ka sa", ko a roƙi farar takarda mai tambarin ofis. Daftari ba laifi ba ne, amma karanta shi layi-layi, ka soke duk abin da idonka bai gani ba. Dokar ba da kwangilolin gwamnati ta 2007 ta tanadi hukunci a kan takardun ƙarya, ciki har da hana kamfani neman aikin gwamnati na shekaru, kuma sa hannunka ne a ƙasan takardar. Idan aikinsa bai gamsar da kai ba, ba shi haƙuri, ko ka tsaya a kan abin da ya faru kawai ba tare da cewa za ka sake ba shi aiki ba.

A ƙarshen takardar sa kwanan wata, cikakken sunanka, muƙaminka, hatimi, adireshin wurin da aikin yake, da lambar wayar da ake ɗauka. Ka kuma ajiye kwafi a fayil ka sanar da na ofis, don kada a kira neman tabbaci bayan an yi maka canjin wurin aiki, wanda ya gaje ka ya ce bai san da zancen ba.