Dogon tikiti: inda ribar kamfanin caca take ninkuwa

Mai haɗa wasanni goma a tikiti ɗaya yakan zuba ido ga lamba guda, wato kuɗin da zai kwasa idan duka suka shiga. Abin da ba ya dubawa shi ne kason da kamfani ya cire tun kafin a busa usur. Kason nan yana cikin kowane od, wato lambar da ake ninka kuɗinka da ita idan ka ci, kuma a dogon tikiti ana cire shi sau goma.

Mu ɗauki zaɓi mai fuska biyu da suka yi daidai, misali ko za a ci ƙwallo uku zuwa sama ko ba za a kai ba, a wasan da damar kowanne rabi da rabi ce. Od na gaskiya 2.00 ne. Kamfani zai ba ka 1.90 a kowane ɓangare. Idan ka zuba 100 sau biyu, ka ci ɗaya ka faɗi ɗaya, 190 ne zai dawo daga 200 ɗinka. Ke nan kowane 100 yana komawa 95, kashi 5 cikin 100 ya tafi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa kashi 5 ɗin nan shi ne dai a tikitin duka. A tikitin haɗaka, abin da ka ci a wasan farko shi ake ɗorawa kan na biyu, na biyu kan na uku, har ƙarshe. Duk sanda kuɗin ya tsallaka wasa, sai an ɗan gutsure shi. Da wasa biyar na 1.90, od ɗin tikitin zai zama 24.76. Damar biyar ɗin su shiga duka ɗaya ce cikin 32, don haka 32 ya kamata a biya ka. Tazarar da ke tsakanin 24.76 da 32 kusan kashi 23 ce. Idan ka kai wasa goma, za a rubuta maka 613 a wurin da ya kamata a rubuta 1,024, kason kamfani ya kai kashi 40. Lambar 613 tana da daɗin kallo, shi ya sa ba wanda yake tambayar ina 411 ɗin da suka rage.

Gyaran ba wuya. Kafin ka saka wasa, raba 1 da kowane od na kasuwar, ka tara sakamakon. Ga wasa mai od 2.10 na gida, 3.30 na canjaras, 3.40 na baƙi:

```
1/2.10 + 1/3.30 + 1/3.40 = 1.073
```

Abin da ya haura 1 shi ne rarar kamfani, a nan wajen kashi 7. Kowane 100 zai koma kusan 93. Jera 0.93 sau adadin wasannin da ke tikitinka ka ninka su da juna, sai ka ga nawa kuɗinka ya koma. Da wasa shida irin wannan, 65 ya rage maka cikin 100. Manyan gasa sukan zo da rara ƙarama, ƙananan gasa da kasuwanni irin su wanda zai fara jefa ƙwallo sukan fi tsada, kuma su ne ake tsinto wa don a ƙara tsawon tikiti.

Akwai kuma masu cewa su ba sa kasada, manyan ƙungiyoyi kawai suke ɗauka a 1.20. Wannan ya fi yaudara, domin kowane wasa idan ka kalle shi shi kaɗai kamar an gama. Amma od 1.20 mai rarar kashi 5 yana nufin damar nasara wajen kashi 79, wato sau ɗaya cikin biyar babbar ƙungiya za ta yi canjaras ko a doke ta. Jera goma irin su, od ya zama 6.19, damar duka su shiga ba ta kai kashi 10 ba. Ga abin da ya kamata mai kukan "wasa ɗaya ne ya yanka mini" ya sani: a irin wannan tikitin, damar tara su shiga ɗaya ya ƙi ta kai kashi 25. Yankewa da wasa ɗaya ta fi cin tikitin yawan faruwa sau biyu da rabi. Ba wani kusantar nasara ba ne, haka lissafin yake tafiya, kuma shi ne yake sa mutum ya koma washegari da wani tikitin. Cire wasannin da ka saka don cike gurbi kawai. Kowane 1.20 da ka ƙara yana ɗaga abin da za ka ci da kashi 20, yana rage damarka da kusan kashi 21.

Bonas ɗin da ake ƙarawa kan dogon tikiti ma a auna shi da wannan ma'aunin. Don ya mayar da abin da aka gutsure a wasa biyar masu rarar kashi 5, sai ya kai kusan kashi 29. A wasa goma sai kashi 67. Duk abin da ya gaza haka rangwame ne kan tsada, kuma yawanci yana da sharaɗin mafi ƙarancin od ga kowane wasa. Maɓallin `Cash Out` shi ma ciniki ne sabo: kamfani yana sayen tikitinka ƙasa da darajarsa a lokacin, ka biya rara karo na biyu. Wanda ya san hannunsa zai yi rawa idan saura wasa ɗaya, gara tun farko ya bar wasan a waje.

To yaushe haɗakar take da ma'ana? Ga mai yi don nishaɗi, amsar tana cikin yawan kuɗin da ya fita daga aljihu. Mutum yana son ya bi wasa goma a ƙarshen mako. Idan ya zuba 100 a kowanne daban, ya fitar da 1,000, asarar da lissafi ya nuna masa 50 ce. Idan ya zuba 100 ɗaya tak a tikitin da ya haɗa goman, asarar da ake tsammani 40 ce, kuma mafi munin abin da zai same shi bai wuce 100 ba. Kason kamfani ya fi girma, amma a kan kuɗi kaɗan. A nan haɗaka ta fi araha, da sharaɗi biyu: ta maye gurbin sauran cacar, kuma mutum ya ɗauki kuɗin a matsayin wanda ya riga ya kashe. Da zarar ya zuba 1,000 ɗin gaba ɗaya a dogon tikiti, asarar da ake tsammani ta tashi daga 50 zuwa 400. Haka wanda yake yanka tikiti biyar a rana, ko yake ƙara kuɗi don ya fanshe na jiya.

Ni a ganina wasa uku zuwa huɗu daga kasuwanni masu ƙaramar rara shi ne iyakar da ta dace. Da rarar kashi 5, kason kamfani yana tsayawa tsakanin kashi 14 da 19, kuma tikitin yana shiga lokaci-lokaci.

Ninkin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Wanda kowane zaɓinsa ya fi od ɗin kamfani da kashi 3, wasa huɗu za su ba shi fifikon kusan kashi 13. Sai dai masu irin wannan fifikon ƙalilan ne ƙwarai, kuma cin tikiti biyu a jere ba ya nuna kana cikinsu. Kafin mutum ya ce yana da shi, sai ya rubuta ɗaruruwan zaɓinsa ɗaya-ɗaya da od ɗin da ya ɗauka, ya ga ko sun dawo da riba ba tare da an haɗa su ba.