Yadda ake fitar da rabon 'yar ɗa idan mamaci ya bar 'ya ɗaya

Da farko a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya. Abin da ya rage shi ake rabawa.

Na biyu, a tabbatar jikar ta wajen ɗa namiji ta fito. 'Yar 'ya mace ba ta cikin wannan hukunci. A kuma duba ko mamacin ya bar ɗa namiji a raye, domin idan akwai shi, ya katange jikar.

Na uku, a ba 'yar mamaci rabi, a ba jikar sudusi, wato ɗaya bisa shida. Dalili kuwa, iyakar rabon 'ya'ya mata sulusi biyu ne. A kasa dukiyar gida shida: 'ya ta ɗauki uku, jika ta ɗauki ɗaya, ya zama huɗu, sulusi biyu ya cika. Haka Ibn Mas'ud ya ruwaito daga Annabi (SAW), kamar yadda ya zo a Bukhari.

Misali, an bar naira 600,000, da 'ya, da 'yar ɗa, da shaƙiƙiya, wato 'yar'uwar mamaci uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya tana da 300,000, jika 100,000, shaƙiƙiya ta ɗauki ragowar 200,000.

A nan ake yawan kuskure: ko jikokin uku ne, sudusin nan ɗaya za su raba daidai. In kuma akwai ɗan ɗa namiji a matakinsu, babu sudusi. Ragowa za su raba da shi, namiji ya ɗauki rabon mata biyu.