Darasi na Bakwai: Kowace Naira Daga Wani Wuri Ta Fito, Wani Wuri Ta Nufa

Yawancinmu a nan Kano muna da littafin bashi. Wanda ya ɗauki kaya bai biya ba a rubuta sunansa, ranar da ya kawo kuɗi a ja layi a kai. Littafin yana da amfani, sai dai rabin labari yake faɗa. Zai gaya maka wa kake bi, amma ba zai gaya maka inda jarinka ya shige ba idan ƙarshen wata ya zo ka tarar aljihu ya yi sauƙi.

Akwai wata hanyar riƙe lissafi da bankuna da kamfanoni suke amfani da ita, wadda ake rubuta kowace hulɗa sau biyu. Tsohuwar hanya ce. Fataken ƙasar Italiya sun daɗe suna aiki da ita kafin wani masanin lissafi mai suna Luca Pacioli ya bayyana ta a littafin da aka buga a birnin Venice a 1494. Ba ta buƙatar komai sai littafi mai layi da biro, da iya tarawa da ɗebewa.

Dalilin rubutu biyun kuwa abu ne da kowa ya sani. Idan ka miƙa wa mai shayi ₦500, kuɗi ya bar aljihunka, shayi da burodi sun zo gabanka. Abu ɗaya aka yi, amma wuri biyu ya taɓa. Ba a taɓa samun kuɗin da ya faɗo daga sama ba, ba a kuma samun wanda ya ɓace ba tare da ya je wani wuri ba. Saboda haka duk abin da ya faru a kasuwancinka, tambaya biyu za ka yi: ina abin ya tafi, kuma daga ina ya fito?

Yadda ake tsara littafin

Kowane wuri da kuɗi ko kaya ke iya shiga ko fita ana ba shi shafinsa. Wannan shafi shi ne asusu. Kada kalmar ta ruɗe ku, ba asusun banki kawai ake nufi ba. Kuɗin da ke cikin jakarka asusu ne, dilan da kake sari a wurinsa asusu ne, kuɗin mota ma asusu ne.

Rubuta sunan asusun a saman shafi, ka ja layi daga sama zuwa ƙasa ya raba shafin biyu. Gefen hagu akantoci suna kiransa debit, gefen dama kuma kiredit. A wannan darasi hagu da dama za mu riƙa cewa. Ƙa'idar guda ɗaya ce: shafin da ya karɓa a rubuta masa a hagu, shafin da ya bayar a rubuta masa a dama, kuma adadin ya zama iri ɗaya a wuraren biyu.

Makon farko na Hajiya

Mu ɗauki misalin wata baiwar Allah, mu kira ta Hajiya, da ta kwashi adashi ta fara sayar da atamfa a gida. Farashin da za ku gani na misali ne, don lissafin ya yi sauƙi.

Ranar Asabar ta ware ₦500,000 ta ce wannan na sana'a ne. A nan ne masu koyo suka fi tsayawa, domin sai su ce ai kuɗinta ne, daga hannunta zuwa hannunta, me za a rubuta sau biyu? Amsar ita ce littafin ba na Hajiya ba ne, na sana'ar ne. Ku ɗauka sana'ar wani mutum ne daban da aka damƙa wa amana. Shafin Kuɗin Hannu ya karɓi ₦500,000, a rubuta a hagu. Wanda ya bayar ita ce Hajiya, kuma shafinta sunansa Jari, a rubuta ₦500,000 a damansa. Wanda ya fahimci wannan rabuwar tsakanin mai sana'a da sana'arsa, saura mai sauƙi ne.

Ranar Lahadi ta shiga Kantin Kwari ta sari turmi 20 a kan ₦15,000 kowanne, ta biya ₦300,000 lakadan. Shafin Sari ya karɓa, hagu. Shafin Kuɗin Hannu ya bayar, dama.

Tana shirin tafiya dilan ya ce, "Hajiya, ƙara goma mana, kya kawo kuɗin idan kin sayar." Ta karɓi turmi 10 na ₦150,000 bashi. Ko sisi bai motsa ba, amma hulɗa ta faru, don haka dole a rubuta. Sari ya sake karɓa, ₦150,000 a hagu. Wanda ya bayar a wannan karon dila ne, sai a buɗe masa shafi a sa ₦150,000 a damansa. Muddin adadin nan yana zaune a daman dila, ana bin Hajiya.

Mai adaidaita sahu ya kai ta gida da kayan a kan ₦3,000. Kuɗin Mota hagu, Kuɗin Hannu dama.

Ranar Talata aka sayi turmi 4 a kan ₦18,000 kowanne, aka biya ₦72,000 a take. Kuɗin Hannu ya karɓa, hagu. Daga ina kuɗin ya fito? Daga ciniki. A buɗe shafin Ciniki a rubuta ₦72,000 a dama.

Ranar Laraba maƙwabciyarta ta aiko yarinya ta ɗauki turmi 2 na biki, ₦36,000, za ta biya ƙarshen wata. Maƙwabciya ce ta karɓa, shafinta a hagu. Ciniki a dama. Ku lura, shafin maƙwabciyar nan shi ne tsohon littafin bashin da kuka saba da shi. Ba a jefar da shi ba, abokan zama aka samo masa.

Ranar Alhamis Hajiya ta kai wa dila ₦100,000 cikin kuɗinsa. Dila ya karɓa, hagu. Kuɗin Hannu ya bayar, dama. Da yamma kuma maigida bai dawo da wuri ba, ta zari ₦10,000 daga jakar sana'a aka yi cefane. Wannan ita ce hulɗar da kusan kowa yake ƙin rubutawa, kuma a ganina ita ce ta fi cinye ƙananan jari a gidajenmu, domin kaɗan-kaɗan take tafiya ba a ji. Ba laifi ba ne mutum ya ci daga sana'arsa, amma a buɗe shafi a kira shi Ɗiban Gida, a sa ₦10,000 a hagu, a sa a daman Kuɗin Hannu.

Awon littafi

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hajiya ta zauna ta duba kowane shafi. A shafin Kuɗin Hannu, hagu ya tara ₦572,000, dama ya tara ₦413,000. Hagu ya fi da ₦159,000. Ta zazzage jaka ta ƙirga, abin da ta tarar ke nan. Shafin dila kuwa dama ₦150,000, hagu ₦100,000, saura ₦50,000 a dama, wato bashin da ya rage a kanta.

Daga nan sai ta jera ragowar kowane shafi a takarda ɗaya.

Masu ragowa a hagu: Kuɗin Hannu ₦159,000, Sari ₦450,000, Kuɗin Mota ₦3,000, Maƙwabciya ₦36,000, Ɗiban Gida ₦10,000. Jimla ₦658,000.

Masu ragowa a dama: Jari ₦500,000, Dila ₦50,000, Ciniki ₦108,000. Jimla ₦658,000.

Sun zo daidai, kuma ba sa'a ba ce. Tun da duk naira da aka rubuta a hagu an rubuta 'yar'uwarta a dama, dole ma'aunin ya tsaya cak, kamar sikelin mai nama idan dutse da tsoka sun yi nauyi ɗaya.

Yanzu ga tambayar da ta dami Hajiya: ta fara da ₦500,000, ga shi ₦159,000 kawai ke jaka, ta yi asara ne? Littafin zai amsa. Turmi 6 ta sayar, sarinsu ₦90,000, cinikinsu ₦108,000. Bambancin ₦18,000, a cire kuɗin mota ₦3,000, riba ₦15,000. Sauran jarin yana nan, kama ya canja. Turmi 24 na jingine a ɗaki, kuɗinsu ₦360,000. Haɗa da na jaka da ₦36,000 na wurin maƙwabciya, ₦555,000 ke nan. Cire ₦50,000 na dila, saura ₦505,000. Wato jarinta da ribarta, ban da dubu goman da aka yi miya da su.

Idan ma'auni ya ƙi tsayawa

Kada ka fara yage shafi. Ɗebe ƙaramar jimlar daga babbar, bambancin ne zai nuna maka hanya. Idan bambancin ₦3,000 ne, nemi hulɗar ₦3,000, wataƙila gefe ɗaya kawai ka rubuta ta. Idan babu hulɗa mai wannan adadi, raba bambancin biyu: bambancin ₦20,000 yakan nuna an rubuta ₦10,000 a hagu sau biyu maimakon hagu da dama. Idan kuma bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, duba ko lambobi sun juya maka. Wanda ya rubuta 27,000 a maimakon 72,000 zai ga bambancin 45,000.

Amma ku sani, tsayuwar ma'auni ba ta nufin komai daidai ne. Da Hajiya ta manta da kuɗin cefanen nan gaba ɗaya, ba hagu ba dama, jimlolin za su zo daidai abinsu. Ƙirga kuɗin jaka ne kawai zai tona, domin littafi zai ce ₦169,000, jaka ta ce ₦159,000. Haka nan da ta rubuta bashin maƙwabciya a shafin wata daban, ma'auni ba zai ce uffan ba, sai ranar da aka je karɓar kuɗi a gidan da ba a ci bashi ba. Shi ya sa ake haɗa awon littafi da ƙirgar kuɗi da ƙirgar kaya.

Wani abu da ɗalibai kan tambaya: me ya sa idan kuɗi ya shigo waya saƙon banki yake nuna CR, wato kiredit, alhali mun ce mai karɓa hagu yake? Domin saƙon daga littafin banki ya fito, ba daga naka ba. A wurinsu kai ne ka ba su ajiya, shafinka shafin mai bayarwa ne, kamar dilan Hajiya. A naka littafin kuwa, shafin Banki ne ya karɓa, don haka a hagu za ka rubuta.

Aikin gida

Buɗe shafuka takwas na Hajiya a littafinka, ka kwafe makon farko. Sannan ka shigar da waɗannan: maƙwabciya ta kawo ₦20,000 cikin bashinta, Hajiya ta sayi ledar zuba kaya ta ₦2,000, an sayi turmi 1 a kan ₦18,000 aka tura kuɗin ta banki. Biyu daga cikinsu suna buƙatar sabon shafi. Ka sake awo, ka zo da jimlar hagu da ta dama aji mai zuwa.