Shafin aiki ya fitar da kai kana tsakiyar duti? Kada ka yi saurin danna F5

Ka zauna kana rubuta rahoton miƙa aiki tun ƙarfe biyu. Ƙarfe biyu da rabi ka danna Submit, sai allo ya nuna "Session expired", ya ce ka sake shiga. Abin da ke ba mutane haushi shi ne ba su tashi daga kujera ba, hannunsu bai bar madannai ba, amma shafin ya ɗauke su tamkar sun yi tafiyarsu.

Kuskuren farko ke nan: zaton cewa rubutu ma motsi ne. Idan ka shiga da sunanka da kalmar sirri, sabar ma'aikata, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, tana ba burauzarka wata 'yar shaida da ake kira kuki, kuma tana ƙirga lokaci daga saƙon ƙarshe da ya iso mata daga wurinka. A shafuka da yawa, abin da kake bugawa cikin akwatin rubutu yana nan a na'urarka, bai je ko'ina ba sai ka danna Save ko ka buɗe wani shafi. Idan an sa iyakar minti 15, ka fara rubutu ƙarfe biyu, to tun biyu da kwata aka rufe maka ƙofa, kai kuwa kana ta zuba bayani. Ba mugunta ba ce. Ƙa'idar PCI DSS ta masu hulɗa da bayanan katin banki, alal misali, ta wajabta a sake tantance mutum bayan minti 15 babu motsi. Maganinsa a riƙa danna Save tun kafin wa'adin ya cika, ko da rahoton bai kammala ba.

Akwai agogo na biyu kuma, wanda bai damu da motsinka ba. Yana fara ƙirga tun daga lokacin da ka shiga. In wa'adinsa awa 8 ne, kai kuma dutinka na awa 12 ne, zai yanke ka komai himmarka. Gane shi ba wuya: kullum kusan lokaci ɗaya yake fitar da kai. Wanda ya lura da haka sai ya fita da kansa lokacin hutu ya sake shiga, agogon ya koma farko.

To, ta riga ta faru, rubutunka kuma yana nan a allo, wataƙila a bayan 'yar sanarwar. A nan ne aka fi tafka asara, domin hannu yakan tafi kan F5 ko kibiyar komawa baya ba tare da tunani ba, kuma sabunta shafi na iya share duk abin da ba a adana ba. Ka fara kwafe rubutun tukuna. Danna cikin akwatin, Ctrl+A, Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. In akwatunan suna da yawa, bi su ɗaya bayan ɗaya. (Idan bayanan marasa lafiya ne ko na kwastomomi, ka goge wannan kwafin da ka gama, musamman a kwamfutar da ake karɓa-karɓa.)

Sannan ka bar wancan shafin yadda yake, ka danna Ctrl+T ka buɗe sabo a cikin burauzar da kake ciki, ka shiga daga can. Wasu kan buɗe Incognito ko wata burauza daban, sai su yi mamaki tsohon shafin bai farfaɗo ba. Ai ba zai farfaɗo ba, tunda kukinsu ba ɗaya ba ne. Da ka shiga, koma tsohon shafin ka danna Save.

Wani lokaci ya karɓa. Wani lokaci kuma ya ƙi, ya nuna 403 ko "419 Page Expired". Fom ɗin yana ɗauke da wata ɓoyayyiyar lambar tsaro da aka ɗaure da shigarka ta farko, ita kuwa ta mutu tare da ita. Sake dannawa sau goma ba zai raya ta ba. Yanzu ne ya dace ka sabunta shafin, ka liƙa abin da ka kwafa, ka sake ɗora hoto ko fayil, domin burauza ba ta cika mayar da su da kanta ba.

Kafin ka sake turawa, leƙa jerin abin da aka tura. Yakan faru na farkon ya shiga kafin a fitar da kai, sai mai karɓar duti ya tarar da rahoto biyu iri ɗaya.

Idan kuwa fitarwar ba ta da tsayayyen lokaci, duba kusa da kai. Danna Logout a shafi ɗaya yana kashe sauran duka. Wasu manhajojin ba sa yarda da shiga biyu a lokaci guda, don haka da ka buɗe a waya sai na kwamfuta ya mutu, haka ma in kai da abokin aikinka kuna amfani da suna ɗaya. Sauyawa daga Wi-Fi zuwa datar waya, ko yankewar VPN, na canza adireshin IP, wasu sabobin kuma da sun ga haka sai su nemi ka sake shiga. Rubuta lokacin da abin ya faru da ainihin saƙon da ya fito a allo, ka kai wa masu kula da kwamfutocin ma'aikatarku, da waɗannan bayanan za su bincika rajistar sabar.